Tambayoyi da amsoshi kan karanta IR da NMR na furoton: yadda ake gano ginin sinadarin da ba a sani ba

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa daga bakin ɗalibai da masu aikin ɗakin gwaji idan aka miƙa musu takardun sakamako biyu aka ce su faɗi sunan sinadari. Misali ɗaya za mu riƙe har ƙarshe. Wani ruwa ne marar launi, fomularsa C9H10O2. A IR ya nuna tsini a wajen 3035, 2955, 1740, 1230, 1025, 750 da 700 cm⁻¹. A NMR, cikin ruwan narkarwa na CDCl3 a kan na'ura mai ƙarfin 400 MHz, ya ba da sigina uku kacal: 7.35, 5.10 da 2.10 ppm.

1. Me ya sa ake buƙatar gwaji biyu? Ɗaya ba zai isa ba?

Kowanne da tambayar da yake amsawa. IR yana auna girgizar ɗaurin da ke tsakanin atam da atam, don haka abin da yake faɗa maka shi ne irin rukunin da ke cikin sinadarin: ko akwai O–H, ko akwai C=O, ko akwai zoben benzin. Ba ya iya gaya maka inda rukunin yake zaune, kuma ba ya ƙirga maka kabon. NMR na furoton kuwa haidirojin yake bi. Yana nuna iri nawa ne, kowane iri guda nawa, da wanda ke maƙwabtaka da wa.

Akwai sinadarai da dama masu fomula C9H10O2 waɗanda IR ɗinsu ya yi kama sosai, NMR ne kaɗai ke raba su. Akwai kuma wasu biyu da NMR ɗinsu ya kusa zama ɗaya, IR ne ke yanke hukunci a tsakaninsu. Suna cikin amsa ta 12.

2. Da wanne zan fara, IR ko NMR?

Idan an ba ka fomula, da ita za ka fara, tun kafin ka kalli zane ko ɗaya. Ka lissafa yawan zobe da ɗauri mai riɓi da ke cikin sinadarin da wannan ƙa'ida: (2C + 2 + N − H − X) ÷ 2. C shi ne yawan kabon, N naitirojin, H haidirojin, X kuwa kulorin, buromin da danginsu. Oksijin ba ya shiga lissafin ko kaɗan. A misalinmu, 2 sau 9 ya ba da 18, a ƙara 2 ya zama 20, a cire 10 saura 10, a raba biyu a samu 5.

Wannan biyar ɗin ta riga ta rage maka rabin aiki. Zoben benzin shi kaɗai yana cin huɗu: ɗaya na zoben, uku na ɗaurin C=C. Duk lokacin da ka ga huɗu ko fiye a sinadari mai kabon shida zuwa sama, fara zargin benzin. Saura ɗaya ke nan, kuma tun da akwai oksijin biyu, C=O ne ya fi kusa. Yanzu ka san abin da za ka je nema a IR, ba lalube za ka yi ba. Idan lissafin ya ba ka rabi, kamar 4.5, to ka yi kuskure a ƙirga ko ka manta da naitirojin.

3. IR cike yake da tsini. Dole ne in fassara kowanne?

A'a, kuma wanda ya ce sai ya yi hakan zai ɓata lokacinsa. Ka ja layi a zuciyarka a 1500 cm⁻¹. Abin da ke hagu da layin, wato daga 4000 zuwa 1500, shi ake karantawa tsini bayan tsini. Abin da ke dama kuwa cunkoso ne wanda ya fi amfani wajen kwatanta zanenka da na sinadarin da aka riga aka sani, kamar yadda ake kwatanta zanen yatsa.

A hagu, wurare uku za ka duba. Na farko tsakanin 3200 da 3600, inda O–H na alkohol ke fitowa a matsayin kwari mai faɗi da santsi, N–H kuma ya fito siriri. Na biyu gefen 3000: C–H na zoben benzin ko na C=C yana ɗan sama da 3000, C–H na sarƙar kabon ta yau da kullum yana ɗan ƙasa. Misalinmu yana da 3035 da 2955, wato yana da duka biyun. Na uku tsakanin 1650 da 1800, gidan C=O, wanda sau da yawa shi ne tsini mafi zurfi a dukan zanen. Tsakanin 2100 da 2260 galibi fayau yake, sai idan akwai C≡N ko C≡C.

Rashin tsini ma shaida ne, wani lokaci ya fi kasancewarsa ƙarfi. Sinadarinmu ba shi da komai mai faɗi sama da 3100. Wannan kaɗai ya kori alkohol, ya kori fenol, ya kuma kori asid irin C6H5CH2CH2COOH, wanda shi ma fomularsa C9H10O2 ce.

4. Na ga C=O. Ta yaya zan san esta ce, kiton ne, aldihaid ne ko asid?

Lambar tsinin tana ba da alama ta farko. Kiton na yau da kullum yana wajen 1715, aldihaid wajen 1725 zuwa 1730, esta tsakanin 1735 da 1750, asid wajen 1710, amaid kuma can ƙasa tsakanin 1650 da 1690. Sai dai waɗannan lambobi suna motsi. Idan C=O yana manne kai tsaye da zoben benzin ko da C=C, ilektiron ɗinsu suna gaurayuwa, ɗaurin ya ɗan yi sako-sako, tsinin ya sauka da kamar 20 zuwa 40. Shi ya sa estar da C=O ɗinta ke kan zobe take fitowa wajen 1720, daidai inda mai gaggawa zai ce kiton ne.

Saboda haka kada ka tsaya a kan lamba ɗaya, nemi mai ba ta shaida. Asid yana zuwa da O–H mai faɗin gaske daga 2500 zuwa 3300, wanda ke haɗiye tsinin C–H. Aldihaid yana da ƙananan tsini biyu a wajen 2820 da 2720, kuma na 2720 ne ake iya gani sarai domin babu abin da ke rufe shi. Esta tana da tsinin C–O mai ƙarfi tsakanin 1000 da 1300, sau da yawa guda biyu. Kiton shi ake ganewa da rashin duk waɗannan.

A misalinmu 1740 tare da 1230 da 1025 suna cewa esta. Sun kuma ƙara wani abu: tun da tsinin bai sauka zuwa 1720 ba, C=O ɗin ba ya manne da zoben. Riƙe wannan, za mu buƙace shi a amsa ta 9.

5. Akwai ɗan tudu a wajen 3450. O–H ne?

Ba lallai ba. O–H na gaskiya a alkohol yana da zurfi, yana gogayya da tsinin C–H ko ya fi shi. Idan abin da ka gani ɗan ƙarami ne, abu biyu suka fi jawo shi. Ɗaya danshi ne, musamman idan an haɗa samfurin da KBr, gishirin da ke shan ruwa daga iska. Ɗayan kuma amon C=O ne da kansa: tsini mai ƙarfi a 1730 ko 1740 yakan bar ɗan ƙaramin tsini siriri a kusan ninkinsa biyu. Tsinin da ke wajen 2350 shi ma ba naka ba ne, CO2 ne na iskar ɗakin. Hanyar tabbatar da O–H ta NMR tana amsa ta 14.

6. Lambobin da ke ƙarƙashin siginar NMR ba cikakku ba ne. Yaya ake mayar da su yawan haidirojin?

Na'ura tana auna filin da ke ƙarƙashin kowace sigina, kuma filin yana tafiya daidai da yawan haidirojin da suka haifar da ita. Amma abin da take ba ka kwatance ne kawai, ba ƙidaya ba. A ce ta buga 3.31 a ƙarƙashin 7.35, 1.30 a ƙarƙashin 5.10, da 2.00 a ƙarƙashin 2.10. Haɗa su, ka samu 6.61. Fomula ta ce haidirojin goma ne, sai ka raba 10 da 6.61, ka samu kusan 1.51. Ninka kowace lamba da wannan: 5.0, 2.0, 3.0. Biyar, biyu, uku.

Kaucewar kashi biyar zuwa goma cikin ɗari ba abin damuwa ba ne. Idan kuwa ka samu abu kamar 2.5, duba ko wata sigina ta hau kan wata, ko ka ƙirga datti a cikin lissafi. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne sinadari mai ɓangarori biyu iri ɗaya: idan ba ka da fomula, awon 2 da 3 yana iya zama 4 da 6 a gaskiya. Kada kuma ka auna da tsawon tsini. Sigina mai faɗi gajera tana iya ɗauke da haidirojin fiye da siririya doguwa.

7. Waɗanne lambobin ppm ne ya kamata in haddace?

Kaɗan ne, in dai ka gane dalilinsu. Ilektiron da ke kewaye da haidirojin suna yi masa garkuwa daga maganaɗisun na'ura. Duk abin da ya janye ilektiron ɗin, kamar oksijin, yana yaye garkuwar, siginar ta matsa hagu zuwa babbar lamba. CH3 da ke can ƙarshen sarƙa ba kusa da komai ba yana wajen 0.9. Idan yana manne da C=O yana tsakanin 2.0 da 2.6. A kan zoben benzin yana wajen 2.3 zuwa 2.4. Idan yana manne da oksijin kai tsaye, ya haura zuwa tsakanin 3.3 da 4.0. Haidirojin na C=C suna tsakanin 4.5 da 6.5, na zoben benzin tsakanin 6.5 da 8.5, na aldihaid tsakanin 9 da 10, na asid kuma daga 10 zuwa 13, galibi a baje.

Abin da ya fi haddar amfani shi ne sanin cewa tasirin maƙwabta yana taruwa. CH2 da ke da zoben benzin kaɗai a gefensa yana wajen 2.6. CH2 da ke da oksijin na esta kaɗai yana wajen 4.1. Wanda ya samu duka biyun, zobe a hannu ɗaya oksijin a ɗayan, yana kai wa wajen 5.1. Don haka 5.10 na misalinmu ba dole ne ya zama na C=C ba, duk da cewa ya faɗa cikin unguwarsu. Lissafin amsa ta 2 ma ya riga ya hana: zobe ya ci huɗu, C=O ya ci ɗaya, babu ragowar da za a ba C=C.

8. Me ke sa sigina ta tsage gida biyu, uku ko huɗu?

Haidirojin da ke kan kabon na kusa ne ke tsaga ta. Idan yawansu n ne, siginar tana rabuwa gida n + 1. Maƙwabci ɗaya yana ba da tagwaye masu tsawo ɗaya, biyu suna ba da 'yan uku a kan 1:2:1, uku suna ba da 'yan huɗu a kan 1:3:3:1. Idan babu maƙwabci, sigina tana zama tilo. A rubuce za ka ga an taƙaita su da haruffa: s na tilo, d na tagwaye, t na 'yan uku, q na 'yan huɗu, m kuma na gungun da ba a iya ƙirgawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙirga haidirojin na siginar kanta. Tsagewa ba ta magana a kan mai gida, a kan maƙwabci take magana. CH3 na rukunin CH3CH2 yana da haidirojin uku, amma abin da ya sa ya zama 'yan uku shi ne biyun da ke kan CH2. Haidirojin da suke daidai da juna ba sa tsaga junansu, kuma tsagewar ba ta cika tsallake oksijin ko C=O ba. Wasu siffofi suna zuwa tare har ido ya saba da su: 'yan huɗu masu awon 2H da 'yan uku masu awon 3H rukunin CH3CH2 ne, tagwaye masu 6H da sigina mai gida bakwai mai 1H rukunin (CH3)2CH ne, tilo mai 9H kuwa (CH3)3C ne.

A sinadarinmu, 5.10 da 2.10 duka tilo ne. Ma'ana CH2 da CH3 ba sa taɓa juna, akwai abin da ya shiga tsakaninsu.

9. To yaya ake harhaɗa gutsattsarin su zama sinadari ɗaya?

Rubuta kowane gutsure a gefen takarda, ka riƙa cire shi daga fomula. 5H a 7.35 zoben benzin ne mai reshe ɗaya, C6H5, kuma tsinin IR na 750 da 700 sun goyi bayan haka, domin wannan ma'aurata su ne alamar zobe mai reshe ɗaya. 2H tilo CH2 ne. 3H tilo CH3 ne. Haɗa su: kabon takwas, haidirojin goma. Cire daga C9H10O2, saura kabon ɗaya da oksijin biyu, wato COO na esta da IR ya nuna. Babu abin da ya rage, babu abin da ya ɓace.

C6H5 da CH3 kowannensu hannu ɗaya gare shi, don haka su ne bakin sarƙa. CH2 da COO masu hannu biyu-biyu suna tsakiya. Da a ce CH2 yana kusa da CH3, da sun tsaga juna, ba su yi ba. Saboda haka jerin dole ya zama zobe, sai CH2, sai COO, sai CH3. Abin da ya rage shi ne ta wace fuska COO ya juya, kuma a nan ne mafi yawan amsoshi ke karkacewa. Ko dai C6H5CH2–O–CO–CH3 ne, ko C6H5CH2–CO–O–CH3.

Tambayi kanka wa ke riƙe da oksijin. CH3 yana 2.10, wurin mai manne da C=O, ba wurin mai manne da oksijin ba. CH2 yana 5.10, wanda ba zai kai ba sai da oksijin da zobe tare. Amsa ita ce C6H5CH2OCOCH3, benzil asitet. Da ɗayan ne, metil fenil-asitet, da ka ga tilo biyu sun matse kusa da juna, OCH3 a wajen 3.69 da CH2 a wajen 3.63, babu komai a 5.1 ko 2.1. IR ɗinsu kuwa duka biyu yana nuna C=O a wajen 1740, ba zai taimake ka a nan ba.

10. Da siginar ta zo da 'yan huɗu da 'yan uku fa, da wace amsa za a samu?

Da rukunin CH3CH2 ke nan, kuma tambayar ba ta sauya ba: wa ke riƙe da oksijin? Wurin 'yan huɗun za ka duba, ba na 'yan ukun ba. A etil benzowet, C6H5COOCH2CH3, CH2 yana kan oksijin, 'yan huɗun suna wajen 4.38, 'yan ukun a 1.39, C=O kuma ya sauka zuwa wajen 1720 saboda yana manne da zobe. A C6H5OCOCH2CH3 kuwa CH2 yana kan C=O, 'yan huɗun suna wajen 2.6, C=O ya haura zuwa wajen 1760, domin oksijin ɗin da ke kan zobe ya raba hankalinsa, ba ya tura wa C=O ilektiron kamar yadda ya saba. Tazarar kusan 1.8 ppm ce tsakanin amsoshin biyu, ba abin da za a yi gardama a kai ba ne.

11. Yankin 7 zuwa 8 ppm kullum a cakuɗe yake. Akwai abin da za a iya tsinta a ciki?

Akwai, ko da ba ka warware kowane tsini ba. Fara da awo: 5H zobe mai reshe ɗaya, 4H mai reshe biyu, 3H mai reshe uku. Sannan duba ko siginar a dunƙule take ko a warwatse. Idan reshen CH2 ne ko CH3, ba ya ja ba ya turawa sosai, sai haidirojin biyar ɗin su taru wuri ɗaya kamar tilo mai kauri, yadda muka gani a 7.35. Wannan ba tilo ne na gaskiya ba, iri uku ne suka hau kan juna, shi ya sa ake rubuta shi da m.

Idan C=O ne a kan zoben, haidirojin biyu da ke daf da shi suna ware kansu su tafi wajen 8.0. A etil benzowet za ka ga 2H a 8.05, 1H a 7.55 da 2H a 7.43. Idan kuwa oksijin ne a kan zoben, kamar OCH3, yana tura ilektiron ciki, maƙwabtansa su koma dama zuwa wajen 6.9. Siffar da ta fi sauƙin ganewa ita ce ta zobe mai reshe biyu da ke fuskantar juna, a kabon na 1 da na 4: tagwaye biyu, kowanne 2H, masu tazara iri ɗaya ta wajen 8 zuwa 9 Hz. Sau da yawa tsinin ciki na kowane tagwaye ya fi na waje tsawo, kamar suna jingina zuwa ga juna. Wannan jinginar tana nuna maka inda abokin tsagewar yake.

12. Akwai lokacin da NMR ke ruɗarwa har sai an koma ga IR?

Ga misali daga cikin dangin C9H10O2. CH3O–C6H4–COCH3, mai reshe a 1 da 4, yana ba da tagwaye a 7.93 da 6.93, da tilo a 3.87 da 2.55. CH3–C6H4–COOCH3 shi ma yana ba da tagwaye biyu da tilo biyu: wajen 7.93, 7.23, 3.90 da 2.40. Awo ɗaya, tsagewa ɗaya, sigina biyu ma kusan a wuri ɗaya suke. Mai ido zai lura cewa 6.93 yana nufin oksijin a kan zobe, 7.23 kuma yana nufin babu. Amma IR yana raba gardamar cikin daƙiƙa: na farko kiton ne mai manne da zobe, C=O ɗinsa a wajen 1675; na biyu esta ce, a wajen 1720.

13. Menene J, kuma yaya zan bambanta tagwaye da tilo biyu da suka zauna kusa?

J ita ce tazarar da ke tsakanin tsinin sigina ɗaya da ta tsage, ana faɗinta da Hz. Ka cire ppm na tsini ɗaya daga na kusa da shi, ka ninka da ƙarfin na'ura a MHz. Idan tsini biyu na jere a cikin 'yan huɗu suna 4.389 da 4.371, bambancin 0.018 ne, sau 400 ya ba da kusan 7 Hz. Sigina biyu da ke tsaga juna dole J ɗinsu ta zo ɗaya, kuma da wannan ake haɗa kowa da abokinsa idan zanen ya cika. Sarƙa ta yau da kullum tana ba da wajen 7 Hz. A kan C=C, haidirojin biyu da ke gefe ɗaya suna ba da 6 zuwa 12, waɗanda ke gefe daban-daban kuma 12 zuwa 18, sau da yawa wajen 16.

Tilo biyun metil fenil-asitet da aka ambata a amsa ta 9 suna iya yi wa sabon shiga kama da tagwaye. Abu uku ke tona su. Tazararsu 0.06 ppm ce, wato 24 Hz a kan 400 MHz, ta yi yawa ga sarƙa irin wannan. Awonsu 3 da 2 ne, alhali tagwaye na gaskiya kusan daidai suke. Kuma babu wata sigina a zanen mai ɗauke da wannan tazara. Idan har yanzu da shakka, a sake gwajin a na'ura mai ƙarfi daban: J ba ta sauyawa a Hz, amma tazarar tilo biyu a Hz tana ƙaruwa da ƙarfin na'ura.

14. Ina da siginar da ba ta shiga fomula ba. Daga ina ta fito?

Kusan kullum daga ruwan narkarwa ne ko daga kayan aiki. A cikin CDCl3, ragowar CHCl3 tana 7.26, ruwa yana wajen 1.56, asiton da aka wanke bututu da shi yana 2.17, CH2Cl2 yana 5.30. Etil asitet yana zuwa da sigina uku tare: 4.12, 2.05 da 1.26. Maiƙon da ake shafa wa mahaɗar gilashi yana fitowa a wajen 1.26 da 0.86, na silikon kuma a wajen 0.07. Dubi yadda waɗannan suke kewaye da misalinmu: 2.17 da 2.05 suna gefe da gefen 2.10, 7.26 kuma yana daf da 7.35, har yana iya kumbura awon zobe ya kai 5.4 idan samfurin ya yi ƙaranci. Miligiram 5 zuwa 10 a cikin mililita 0.6 ya isa ya sa siginar samfur ta rinjayi ta datti. Alamar datti ita ce awonsa ba ya zama cikakkiyar lamba idan an kwatanta da sauran.

Wata siginar kuma taka ce, ba ta da wurin zama ne kawai. O–H na alkohol yana iya fitowa ko'ina daga wajen 1 zuwa 5, ya danganta da kaurin samfur, zafi da danshi, kuma galibi a baje yake ba tare da tsagewa ba, saboda haidirojin ɗin yana ta musaya tsakanin ƙwayoyin sinadarin. Hanyar gane shi mai sauƙi ce: a ɗiga digo ɗaya ko biyu na D2O cikin bututun, a girgiza sosai, a bari ya kwanta, a sake aunawa. Siginar O–H ko N–H za ta ɓace ko ta ragu ƙwarai, wata sabuwa ta HOD ta bayyana a wajen 4.7 zuwa 4.8. Wadda ba ta motsa ba tana kan kabon.

15. Na samu amsa. Yaya zan tabbatar kafin in rubuta?

Juya aikin baya. Rufe zanen, kalli ginin da ka zana, ka rubuta abin da ya kamata ya bayar: sigina nawa, kowacce a ina, awo nawa, gida nawa. Sannan buɗe ka kwatanta. Kaucewar 0.1 ko 0.2 ppm ba komai ba ce, amma idan wata sigina ta kauce da 1 ppm, ginin ne ba daidai ba, kuma mafi yawan lokuta COO ne aka juya ta baibai. Ka kuma zana aƙalla wani sinadari ɗaya mai fomula iri ɗaya, ka faɗi takamaiman lambar da ta kore shi.

Akwai inda gwajin biyu ke tsayawa. Ba sa bambanta sinadari da ɗan'uwansa da yake kamar hotonsa a madubi. Doguwar sarƙar CH2 tana taruwa a wajen 1.3 ta zama tudu ɗaya da ba a iya ƙirga shi da kyau. Kabon da ba shi da haidirojin ba ya fitowa a NMR na furoton ko kaɗan, sai dai a gano shi ta ragowar fomula, kamar yadda muka gano COO a amsa ta 9. A irin waɗannan wurare ana ƙarawa da NMR na ¹³C, wanda ke nuna C=O na esta a wajen 165 zuwa 175 ppm, na kiton kuma daga wajen 195 zuwa sama, ko da gwajin nauyin ƙwayar sinadari, inda benzil asitet ke nuna 150 tare da gutsure mai ƙarfi a 108 da 91.